Inshorar mota biyu, wacce ta fi araha? Inda lissafin yake ɓacewa

Kawuna a Aboabo, nan Kumasi, yana da motocin ɗaukar kaya biyu iri ɗaya, kowacce tana ƙarƙashin kamfanin inshora daban. Dukansu cikakkiyar inshora ce, wadda ake kira komfirihensif, wato mai biyan ɓarnar motarka da ta wanda ka buge. Da lokacin sabuntawa ya matso sai ya zube mini rasitai a kan tabarma ya ce, "Ɗana, duba mini wanda ya fi cin kuɗina in sallame shi." Shi dai ya riga ya yanke hukunci: kamfanin farko ya karɓi sidi 23,500, na biyu sidi 9,600 kacal.

Na ce, "Kawu, shekara nawa da nawa?" Ta farko shekara biyar, ta biyu shekara uku. Wannan kuskuren ba ya buƙatar dogon bayani, jimilla ba ta da amfani sai an raba ta da shekaru. Amma rabawar ma ba ta isa ba idan shekarun ba ɗaya ba ne. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, don haka sidin shekara biyar baya ba ɗan'uwan na bana ba ne. Sai muka ware shekaru ukun da motocin biyu suka yi tare. A cikinsu ta farko ta biya 4,500, sannan 5,200, sannan 5,600, jimilla 15,300. Ta biyu tana nan a 9,600. A shekara ke nan 5,100 da 3,200.

Sai Kawu ya tuna cewa motar farko ta taɓa yin hatsari, kuma kamfani ya biya. "Dubu goma sha takwas," in ji shi. Lambar da fita, wato makanike, ya rubuta a Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ke nan, ba ita ta shiga asusu ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa: suna riƙe abin da suka nema, su manta abin da suka karɓa. A takardar sallamar da ya sa wa hannu, an cire 1,800, kashi goma cikin ɗari, wanda shi ne kason da mai mota yake ɗauka da kansa a kowace diyya, masu inshora suna ce masa ekses. An kuma cire 1,200 saboda an sa sababbin kayan gyara a gurbin tsofaffi. Abin da ya zo hannu 15,000 ne. In kana neman lambar gaskiya, ka duba takardar sallama ko saƙon banki, ka bar kiyasin fita a gefe.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a takardar sallama. Tsallen da kuɗin inshorar ya yi daga 4,500 zuwa 5,200 bayan hatsarin ba tsadar kasuwa ce kaɗai ba. Kamfanoni suna yi wa wanda bai nemi diyya ba rangwame a shekara mai zuwa, ranar da ya nema kuwa rangwamen ya ragu ko ya tafi. Shi ya sa ake jera kuɗin kowace shekara daban, maimakon a ɗauki na bana a ninka da uku.

Yanzu ga lissafin da kowa ya sani: abin da ka biya, a debe abin da ka karɓa, a raba da shekaru. Motar farko, 15,300 a debe 15,000, saura 300, wato sidi 100 a shekara. Ta biyu ba ta karɓi komai ba, tana nan a 3,200. Nan take Kawu ya juya, wanda zai kora ɗazu ya zama abokin arziki.

Wannan shi ne kuskure mafi girma, kuma ya fi kama masu son lissafi. Sidi 100 ɗin bai faɗi komai a kan kamfanin ba, labarin direban da ya yi karo ya bayar. Da direban ta biyu ne ya daki bayan tirela, da lambobin sun juye. In aka bi wannan hanyar, inshorar da ta fi kowacce araha ita ce ta mutumin da motarsa ta ƙone ƙurmus, kuma ba na jin akwai mai roƙon irin wannan arahar. Shekaru ukun da ta biyu ta yi lafiya ba asara ba ce, kamar yadda albashin maigadi bai zama asara don ɓarawo bai zo ba.

Gyaran shi ne a ɗauki hatsari guda a bi da shi ta cikin takardun inshorar motocin biyu. Da muka buɗe ta biyu sai muka ga asalin arahar. Motar za ta yi sidi 90,000 a kasuwa, haka aka rubuta a takardar farko, amma a ta biyu 60,000 aka sa, don kuɗin shekara ya sauko. Takardar kuwa tana da sharaɗin da ake yawan samu: in ka rage darajar mota, za a rage diyyarka daidai da ragin. Biyu bisa uku ka yi wa inshora, biyu bisa uku za a biya ka. Wancan gyaran da ya kawo 15,000 a kamfanin farko, a nan kusan 10,000 zai kawo.

Sai a haɗa duk abin da ya fita daga aljihu, kuɗin inshora da ragowar gyaran da ba a biya ba. A ta farko 15,300 da 3,000, ya zama 18,300. A ta biyu 9,600 da 8,000, ya zama 17,600. Tazarar sidi 700 ce a shekara uku, ga shi ita ma ta biyun da rangwamenta ya tafi bayan diyya, da tazarar ta narke. Ashe a ƙaramin hatsari kunnen doki suke.

Inda suka rabu shi ne ranar da aka sace motar ko ta ƙone. Iyakar ta farko 90,000, iyakar ta biyu 60,000, kafin a cire ekses. Ƙarin sidi 1,900 da Kawu yake biya a shekara, galibinsa kuɗin wannan 30,000 ɗin ne. Ko ya cancanta, ya danganta da ko zai iya cike giɓin daga jarinsa ba tare da kasuwancin ya durƙushe ba. Ni a ganina mai mota biyu da su ke ciyar da gida bai kamata ya yi wannan cacar ba.

Abu ɗaya da na ƙara dubawa kafin mu tashi: ko kuɗin da ya ba wakili sun isa kamfani. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci, ana danna *920*57# a waya a sa lambar mota. Dukansu biyu sun fito. Da ɗaya ba ta fito ba, da rasitanta ba su da gurbi a lissafin ko kaɗan.

Kawu bai sallami kowa ba. Ya ce zai koma kamfani na biyu su ba shi farashi a kan 90,000, ya kuma tambayi ekses ɗinsu a rubuce, sannan mu sake zama.