Yadda Ake Zaɓen Kalmomin Nema ga Tallan Kaya ba Tare da an Cusa su Cikin Bayani ba

A ɗauki misalin baduku a Sakkwato da ke ɗinka takalman maza da jar fatar akuya, yana son sa su a dandalin saye da sayarwa na intanet kamar Jiji ko Facebook Marketplace domin mai saye daga Kano, Abuja ko Legas ya gan su. Abin da zai fara yi shi ne ya ajiye sunan da shi yake kiran takalmin, ya nemo wanda masu saye suke rubutawa. Zai buɗe akwatin nema na dandalin ya rubuta `leather sl` kawai, ya dakata, domin sauran kalmomin da akwatin zai kawo masa yawanci daga binciken mutane suke fitowa. Daga nan ya koma saƙonnin WhatsApp na abokan cinikinsa ya ga yadda suke tambayar kayan, sannan ya duba kanun tallace-tallace goma na farko da suka fito. Zai tarar cewa a kudu ana yawan rubuta `palm slippers` ko `pam slippers`, Bahaushe kuma yana iya rubuta `takalmin fata`, ga shi mafi yawan mutane ba sa sanya harafi mai lanƙwasa idan suna bincike a waya.

Mataki na biyu shi ne tankaɗe, kuma nan ne aikin yake. Daga kalmomi goma sha biyar ko ashirin da ya tara, ya jefar da duk wadda ba ta dace da kayansa ba, ko da ana yawan nemanta. Idan takalmin ba na Italiya ba ne, sanya `Italian` zai jawo mutanen da za su buɗe tallan su fita nan take, haka kuma ɗora sunan wani shahararren kamfani a kan abin da ba nasa ba yana iya sa dandalin ya cire tallan. Ya kuma bar kalmomi masu faɗi da yawa kamar `shoes`, domin dubban tallace-tallace ne ke gogayya a kansu, wanda ya rubuta su kuma bai riga ya yanke shawarar abin da zai saya ba. Babbar jimla ɗaya da ƙanana uku ko huɗu sun isa.

Bayan haka sai rabo, kowace kalma a ba ta mazauni guda. Babbar jimlar ta zo a farkon kanu, saboda a waya ana yanke ƙarshen kanu mai tsawo:

```
Men's Leather Palm Slippers, Handmade in Sokoto
```

Launi, girma, jinsi, yanayin kaya da gari suna da gurabensu a fam ɗin talla, kuma da waɗannan guraben ne mai saye yake tace sakamako. Wanda ya zaɓi lamba 43 a wurin tace sakamako zai iya tsallake tallan da aka bar gurbin girmansa a wofi, ko da an maimaita lambar sau biyar a cikin bayani. Masu talla da yawa suna gaggawar wuce wannan wuri, alhali ya fi kowace dabara amfani.

Ƙananan kalmomin da suka rage su ne na bayani, kuma hanyar shigar da su ita ce a mayar da kowacce amsar wata tambaya da mai saye yakan yi. Da wace fata aka yi, ɗinkin hannu ne ko na keke, wace lamba ake da ita, kwana nawa kafin ya iso? Idan aka rubuta cewa takalmin fata ne na maza da aka ɗinka da hannu da jar fatar akuyar Sakkwato, akwai lamba 40 zuwa 45, kuma ana aikawa Abuja da Legas ta mota, kalmomi huɗu sun shiga ba tare da an ji nauyinsu ba. Wanda ke son masu Hausa da masu Turanci duka, gara ya rubuta gajeren sakin layi ɗaya a kowane harshe maimakon ya gwamutsa su a jimla guda. Abin da ba a so shi ne jerin nan da ake liƙawa a ƙasan bayani, na kalma ɗaya da rubutunta iri-iri da sunayen garuruwa goma. Google ya lissafa irin wannan cushe cikin abubuwan da ƙa'idojinsa suka hana, mai saye kuma idan ya gani yakan fara zargin ko ɗan damfara ne.

Kafin a wallafa, a karanta bayanin da ƙarfi kamar ana yi wa wanda ya tsaya a bakin shago magana. Duk kalmar da ta dawo sau uku a sakin layi ɗaya, ko jimlar da ba za a iya faɗa wa mutum ido da ido ba, a gyara ta. Bayan mako biyu a duba ƙididdigar tallan: idan masu gani kaɗan ne, kanu ko rukunin da aka zaɓa ne ke da matsala, idan kuwa ana gani amma ba a kira, to ko kalmar tana jawo waɗanda ba kayan suke nema ba, ko hoto da farashi ne suka kore su. A sauya abu ɗaya kawai a kowane karo, domin in an sauya kanu da hoto tare ba za a gane wanne ne ya yi aiki ba.