Yadda ake lissafin cikakkiyar entirofin ruwa, da yadda za ka gano jul 3.4 da suka maƙale cikin ƙanƙara

Yawancin lissafin da ake yi a kimiyyar zafi na bambanci ne: nawa abu ya ƙaru, nawa ya ragu. Entirofi kuwa, wato ma'aunin hargitsin ƙwayoyin abu, tana da tushe da ake fara ƙirga daga kansa. Walther Nernst ya buɗe hanyar a 1906, Max Planck kuma ya ƙarasa zancen a 1911, shi ne abin da ake kira doka ta uku: idan kiristal tsantsa ne, kuma kowane atam nasa yana zaune a wuri guda tabbatacce, to entirofinsa sifiri ce a 0 K, wato sifirin ma'aunin zafi na Kelbin, iyakar sanyi. Dalilin yana cikin ƙa'idar Boltzmann, S = k ln W, inda S ke nufin entirofi, k adadi ne tsayayye, W kuma yawan hanyoyin da za a iya jera ƙwayoyin abu. Hanya ɗaya tak in ta rage, W = 1, kuma ln 1 sifiri ne.

Da wannan tushe za mu ɗauki mol ɗaya na ruwa, wato giram 18, daga 0 K har ya zama tururi a 298 K, muna tara entirofi a hanya. Alƙaluman na William Giauque da J. W. Stout ne, waɗanda suka yi awon a Berkeley suka buga a 1936. Su da kalori suka yi aiki, ni na mayar da su jul. Duk adadin da ke ƙasa a J/(mol·K) yake.

Mataki na farko: cike wurin da awo bai kai ba

Babu na'urar da ke kaiwa 0 K. Amma a irin wannan sanyi, Cp, wato zafin da mol ɗaya ke sha kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, yana bin ƙa'idar Debye, Cp = aT³. Daga nan sai ya fito cewa entirofin da aka tara zuwa wani T kashi ɗaya bisa uku ce ta Cp a wannan T ɗin. Ga ƙanƙara, daga 0 zuwa 10 K, 0.09 ne kacal.

Mataki na biyu: ɗumama, narkewa, ƙafewa

Ka zana Cp/T a tsaye, T a kwance, ka auna faɗin filin da ke ƙarƙashin layin. Daga 10 K zuwa 273 K filin ya ba da 38.0. Lallai da Kelbin za ka raba. Wanda ya sa digirin Salsiyos zai tarar yana raba lissafi da sifiri daidai wurin narkewa, nan zai san ya kauce.

A 273 K ƙanƙara tana shan zafi ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba, don haka zane ba zai nuna wannan ba. Da hannu ake ƙara shi: ΔS = ΔH/T, wato kimanin jul 6010 a raba da 273, ya ba da 22.0. Ɗumama ruwan zuwa 298 K ya ƙara 6.6. Ƙafewa a 298 K tana cin kimanin jul 43,930, a raba da 298, ya zama 147.4.

Ga inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tururin da ya tashi a 298 K matsinsa milimita 23.8 ne na makuri, alhali ana son amsar a milimita 760. Dole a matse shi a lissafi da R, tsayayyen adadin iskoki, 8.314: R ln(23.8/760) = −28.8. In ka ga amsarka ta haura 210, wannan gyaran ka manta.

Jimla: 0.09 + 38.0 + 22.0 + 6.6 + 147.4 − 28.8 = 185.3.

Mataki na uku: gwada amsar da wata hanya dabam

Ana iya samun entirofin tururi ba tare da an ɗumama komai ba. Hasken da ƙwayar ruwa ke sha yana nuna yadda take juyawa da yadda take kaɗawa, in aka haɗa da nauyinta sai a ƙirga W kai tsaye. Wannan hanyar ta ba da 188.7. Ga iskoki da yawa hanyoyin biyu suna haɗuwa daidai, amma a nan akwai giɓin 3.4, kuma kuskuren awon Giauque da Stout bai wuce kimanin 0.2 ba. Tunda duk matakan an auna su, zargi ya koma kan abu ɗaya da muka ɗauka ba tare da awo ba, wato cewa ƙanƙarar ta fara ne daga sifiri.

Mataki na huɗu: ƙirga kujerun haidirojin

An lura da giɓin tun kafin wannan awon, kuma Linus Pauling ya warware shi a 1935 da lissafin da za ka iya yi a bayan ambulan.

A cikin ƙanƙara kowane oksijin yana da maƙwabta huɗu, kuma waɗannan a tsare suke sarai. Tsakanin kowane oksijin biyu akwai haidirojin ɗaya, amma ba ya zama a tsakiya. Tazarar oksijin biyun kimanin nanomita 0.276 ce, shi kuma yana zama a nanomita 0.10 daga ɗaya, kusan 0.18 daga ɗayan. Ke nan kujeru biyu gare shi. Sharaɗin da Bernal da Fowler suka kafa a 1933 shi ne kowane oksijin ya samu haidirojin biyu a kusa, biyu a nesa, domin ƙwayar ta ci gaba da zama H₂O.

To yanzu ƙirga. Ƙwayoyi N suna da haidirojin 2N, kowane da kujeru biyu, hanyoyin zama sun kai 4^N. Sai ka dubi oksijin guda: haidirojin huɗun da ke kewaye da shi suna da salon zama 16. Ɗaya duk huɗun suna kusa, ɗaya duk suna nesa, huɗu masu uku a kusa, huɗu masu ɗaya a kusa. Saura 6, su ne masu biyu da biyu. Don haka W = (4 × 6/16)^N = (3/2)^N, entirofin mol ɗaya kuma R ln(3/2) = 8.314 × 0.405 = 3.37.

Duba fa: 3.37 daga ƙirga, 3.4 daga awo. Ni a ganina wannan dacewar ta fi kowace hujja nuna cewa entirofi ƙirga ce ta gaske, domin Pauling bai sa ko adadi ɗaya na zafi a lissafinsa ba. Akwai ɗan sassauci a ciki, don ya ɗauki kowane oksijin kamar ba ruwansa da na kusa da shi, alhali suna haɗe cikin zobba masu ƙwaya shida. John Nagle ya gyara wannan a 1966, 1.5 ta koma kimanin 1.507, amsar ta zama 3.41.

Mataki na biyar: yanke hukunci a kan dokar

Dokar ba ta karye ba, sharaɗinta ne ƙanƙarar ba ta cika ba. Akwai jeri guda da ya fi sauran ƙarancin makamashi, sai dai kaiwa gare shi na buƙatar motsi. Haidirojin ɗaya ba zai canja kujera shi kaɗai ba, don zai bar wani oksijin da uku, wani da ɗaya. Kamar cunkoson motoci ne a mahaɗar hanya, kowa na jiran na gabansa ya matsa. Kafin sanyi ya kai inda tsararren jeri zai yi rinjaye, motsin ya riga ya tsaya, sai hargitsin ya daskare yadda yake.

An tabbatar da haka a Japan a 1982. Tajima da Matsuo da Suga sun sa ɗan sinadarin potassium hydroxide, wato KOH, a cikin ruwan kafin ya daskare, wanda ya bar guraben da babu haidirojin, sauran suka samu wurin matsawa. A 72 K ƙanƙarar ta saki zafi, wani sashe nata ya koma tsararren nau'in da ake kira ƙanƙara XI, kaso mai yawa na ragowar entirofin kuma ya tafi.

Don haka in kana lissafi da ƙanƙarar da aka saba, fara ƙirgarka daga 3.4. Jarraba shi a kan ruwa a 298 K: matakan ɗumama da narkewa sun ba da 66.7, ƙara 3.4 ka samu kusan 70, teburan sinadarai kuma 69.9 suke rubutawa.