Kurakurai a lissafin tanadin ritaya: daga ƙarshe ake farawa

Mutum na so idan ya yi ritaya ya riƙa cirar 100,000 kowane wata har shekara 20, kuma saura shekara 30 ya ajiye aiki. Nawa zai riƙa tarawa a wata? Kuskuren da aka fi yi shi ne a ninka 100,000 sau 240, wato watannin shekara 20, a ce ana bukatar miliyan 24. Wannan adadi kan kashe wa mutum gwiwa, alhali an manta cewa kuɗin da ba a cire ba tukuna suna ci gaba da kawo riba.

Daga ƙarshe ake farawa. A fara gano abin da ya kamata ya taru ranar ritaya, sannan a dawo kan ajiyar wata. Mu ɗauka ribar jarin kashi 6 cikin 100 ce a shekara, wato 0.005 a wata. A manhajar lissafi irin Excel, PV zai ba da abin da ya kamata ya taru, PMT kuma ajiyar wata na tsawon wata 360:

```
=PV(0.005,240,-100000)
=PMT(0.005,360,0,-13958077)
```

Layin farko zai ba da 13,958,077, na biyu kuma kimanin 13,895 a wata. Ga yadda za a tabbatar: a watan farko na ritaya ribar ta kai 69,790, aka cire 100,000, sai uwar kuɗi ta ragu da 30,210 kacal. Raguwar tana ƙaruwa sannu a hankali har asusun ya ƙare a wata na 240.

Wasu kan sa ribar shekara, 0.06, tare da adadin watanni. Idan ka ga amsar layin farko ta faɗo ƙasa da miliyan 2, wannan ne ya faru.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar riba ɗaya a zangon tarawa da na cirewa. Mai ritaya yakan mai da kuɗinsa inda haɗarin asara bai da yawa, can kuwa riba ba ta kai ta da ba. Idan ta sauko zuwa kashi 4, miliyan 16.5 ake bukata, ajiyar wata kuma ta haura zuwa kusan 16,400. Wanda ya tara miliyan 13.96 ya ci gaba da cirar 100,000, kuɗinsa za su ƙare kafin ya cika shekara 16 da yin ritaya. Saboda haka a ba kowane zango ribarsa, kuma a cire kuɗin da masu kula da asusu ke caja kafin a sa ta a lissafi.

Sai hauhawar farashi. Adadin da ake cira ba ya canzawa, amma abin da yake saye yana raguwa. Idan farashi na tashi da kashi 3 a shekara, 100,000 na bayan shekara 30 daidai yake da kimanin 41,000 na yau. Mai son ƙarfin sayen 100,000 na yau a watansa na farko sai ya sa kusan 243,000 a lissafin, ajiyarsa ta wata kuma ta koma kimanin 33,700.