Yadda ake buɗe saƙon imel na farko zuwa ga ma'aikacin kamfanin da bai san ka ba, ba tare da ka matsa masa ba

Wani ƙanena baduku ne a nan Sakkwato, yana ɗinka jakunkuna da majingina na jar fatar akuya, kuma a bara ya ji cewa wani kamfani a Abuja yakan raba wa mahalarta tarukansa jakunkuna. Ya samo adireshin imel na jami'in da ke kula da sayayya, ya rubuta masa, ya jira mako biyu bai ji komai ba, sannan ya kawo mini wayarsa don in duba. Ga yadda saƙon ya fara: "Yallaɓai, don Allah a taimaka a ba ni kwangilar jakunkuna, ina jiran amsarku yau ko gobe, ga lambata a kira ni." Ƙanena ba mutum ne mai rashin kunya ba, ƙagara ce kawai ta sa shi. Amma wanda ya karanta bai ga fuskarsa ba, bai ji muryarsa ba, abin da ya gani shi ne baƙo ya faɗo masa babu gabatarwa, ya nemi babban abu, kuma ya yanka masa wa'adi. Da wannan saƙon zan yi misali, domin kurakuran da ke cikinsa su ne waɗanda aka fi yi.

Mataki na farko yana zuwa ne tun kafin ka rubuta kalma ɗaya, wato ka tabbatar da wanda kake rubuta wa da kuma aikinsa a kamfanin. Ka duba yadda yake rubuta sunansa da muƙaminsa, ka kwafe su daidai, domin kuskure a sunan mutum yana nuna masa cewa ba ka ɗauki minti biyu a kansa ba. Idan Injiniya ne ko Dokta, ka kira shi da hakan, idan kuma ba ka san lakabinsa ba, Malam ko Malama sun wadatar. Kada ka ɗora wa mutum Alhaji ko Hajiya bisa zato, kuma kada ka yanke cewa namiji ne saboda kujerar da yake kai. Ka sa adireshinsa shi kaɗai a layin `To`. Masu saka manajan darakta da wasu mutum biyar a `Cc`, wato layin waɗanda ake aika wa kwafin saƙo, suna ganin hakan zai gaggauta amsa, alhali shi jami'in abin da yake fahimta shi ne an kai ƙararsa gaba tun bai yi laifi ba.

Daga nan sai taken saƙon, wato abin da ake rubutawa a layin `Subject`. Mutane da yawa a waya suke fara ganin imel, kuma abin da ke bayyana a fuskar waya kafin a buɗe shi ne sunan mai aikowa, da taken, da 'yan kalmomin farko na saƙon. Saboda haka taken ya faɗi ainihin maganar a cikin kalmomi shida zuwa takwas, ba tare da roƙo ko ihu ba. Ƙanena ya rubuta `URGENT` da manyan baƙaƙe, kuma gaggawar tasa ce, ba ta kamfanin ba. Mun sauya shi zuwa "Tambaya kan jakunkunan taro na fata daga Sakkwato". Mai karatu ya san tambaya ce, ya san a kan me, kuma yana iya ajiye ta zuwa lokacin da ya samu sarari.

Gaisuwa ce wurin da mu Hausawa muka fi ruɗewa, don haka zan ɗan tsaya a kanta. A al'adarmu baƙon da babu sallama mugu ne, kuma wanda ya shiga shagon dattijo a Tsohuwar Kasuwa ya fara da buƙatarsa kafin ya tambayi gajiya da iyali, za a ce ba shi da tarbiyya. Wannan ɗabi'a mai kyau ce, ba na cewa a bar ta. Sai dai a rubuce, ga mutumin da bai san ka ba, doguwar gaisuwa takan koma wani abu dabam. Idan ya buɗe saƙo ya tarar da layi biyar na tambayar iyali da yara da addu'o'in ƙarin girma, tun bai kai ƙarshe ba ya san roƙo ne ke tafe, sai ya fara shirin kare kansa. Haka nan kirari irin na "mai taimakon talakawa" ga wanda ba ka taɓa gani ba, nauyi ne kake ɗora masa, domin kana nuna cewa idan ya ƙi, ya zubar da sunan da ka ba shi. Gaisuwa ta zama layi ɗaya. Idan ka tabbata Musulmi ne, ka yi masa sallama, ka ƙara da fatan yana lafiya. Idan ba ka sani ba, "Barka da aiki" ko makamancinsa a harshen da kake rubutu ya isa. Mafi yawan kamfanonin Abuja da Legas da Turanci ake rubuta musu, amma tsarin da nake bayani bai sauya ba.

Bayan gaisuwa sai jumloli uku da suka fi komai nauyi, kowace tana amsa wata tambaya da ke zuciyar mai karatu. Tambayarsa ta farko ita ce wane ne wannan, ta biyu ita ce a ina ya samu adireshina, ta uku kuma me ya sa ni. Ka faɗi ko kai wane ne a jumla ɗaya, sunanka da sana'arka da garinku, ba tarihin rayuwarka ba. Sannan ka faɗi gaskiyar yadda ka same shi, ko a shafin kamfanin ne, ko a katin da aka raba a wajen baje koli, ko wani ne ya ba ka. Idan wani ne ya ba ka, ka nemi izininsa kafin ka ambaci sunansa, domin jami'in na iya kiransa ya tambaya, kuma idan ya ce bai san zancen ba, ka rasa mutum biyu a rana ɗaya. Abu na uku shi ne dalilin da ya sa shi ka zaɓa. Nan ne ake gane saƙon da aka rubuta wa mutum da wanda aka watsa wa kamfani ɗari, kuma jumla ɗaya da ta nuna ka san aikinsa ta fi sakin layi na yabo.

Sai buƙatar kanta, kuma a ganina a nan ne matsin lamba yake faruwa ko ya kau. Ƙanena ya nemi kwangila a saƙon farko, abin da mutum ɗaya ba ya iya bayarwa shi kaɗai a yawancin kamfanoni, domin sai an ga samfuri, an kwatanta farashi, wani lokaci sai an yi wa mai kawo kaya rajista. Idan ka nemi abin da ya fi ƙarfin mai karatu, shiru ne amsar da ta fi masa sauƙi. Ka nemi ƙaramin abu guda ɗaya wanda zai iya amsawa da layi ɗaya yana tsaye, kamar ko suna karɓar samfuri daga sababbin masu kawo kaya, ko wane ne ya dace a tuntuɓa. Sannan ka bar masa ƙofar fita a fili, ka nuna cewa idan ba yanzu ba ne ko ba shi ba ne, babu damuwa. Wasu suna tsoron cewa wannan zai sa a yi watsi da su, amma abin da na gani shi ne mutum ya fi sakin jiki ya amsa idan ya san cewa "a'a" ba za ta jawo masa naci ba. Ga yadda muka sake rubuta saƙon:

"Assalamu alaikum Malam wane, da fatan kana lafiya. Sunana wane, ina ɗinka jakunkunan fata a Sakkwato tare da abokan aiki huɗu. Na samu adireshinka a shafin kamfaninku, inda na ga kai ne ke kula da sayayya, kuma na ji cewa kukan raba jakunkuna a tarukanku. Tambayata ita ce ko kuna duba samfuri daga sababbin masu kawo kaya. Muna iya ɗinka jaka 200 cikin mako 6, kuma idan kana so zan aiko da hotuna da farashi. Idan wani ne ke da wannan aiki, zan yi godiya idan ka nuna mini shi, idan kuma ba ku da buƙata a yanzu, babu komai. Na gode."

Ka lura da abin da muka cire. Babu "a taimaka mini", domin ciniki ya kawo ba bara ba, kuma ambaton halin matsi na gida yana sa mai karatu ya ji an ɗaure shi da tausayi. Babu "ina jiran amsarku yau". Idan da gaske akwai ranar da ta takura ka, ka faɗi ranar tare da dalilinta, misali cewa ɗinkin yana cin mako 6, don haka taron watan Disamba sai an fara shi a Oktoba, sai ya zama bayani ne ba umarni ba. Mun kuma cire hotuna 14 da ya liƙa. Gmail ba ya ɗaukar abin liƙawa da ya haura 25 MB, amma tun kafin a kai nan, ma'aikata da yawa an gargaɗe su kada su buɗe fayil daga baƙon adireshi, kuma irin wannan saƙo na iya faɗawa akwatin `Spam`. Gara ka yi tayin aikowa, shi ya ce ka aiko. Lambar waya kuwa ta zauna a ƙarƙashin sunanka a ƙarshe, ba tare da "a kira ni" ba.

Kafin ka danna `Send`, ka karanta saƙon da babbar murya kamar kana tsaye a ƙofar ofishinsa. Duk jumlar da za ka ji nauyin faɗa masa ido da ido, ka goge ta. Ka ƙirga alamun tambaya, idan sun wuce biyu, ka yi masa yawa. Ka aika a cikin lokacin aiki, kuma ni nakan guje wa safiyar Litinin da yammacin Juma'a.

Idan shiru ya biyo baya, kada ka nemo lambarsa ka bi shi ta WhatsApp washegari, domin wannan shi ne tsallake zaure a shiga cikin gida. Ka jira kamar mako guda, sannan ka buɗe saƙon da ka aika, ka danna `Reply` don tsohon ya kasance a ƙasa, ka rubuta layi biyu: kana tunatarwa ne ko saƙon ya shige cikin hidimomi, kuma tambayar tana nan yadda take. Kada ka ce "har yanzu ban ji daga gare ku ba", domin ƙorafi ne. Idan wannan ma ba a amsa ba, ka tsaya nan, ka bar shi sai bayan wasu watanni in kana da sabon abin faɗa. Ƙanena bai sake rubuta wa kamfanin farko nan take ba, wani kamfanin ya aika wa gyararren saƙon. Bayan tunatarwa ɗaya aka amsa masa da layi biyu, cewa ba su da taro a kusa, amma ya aiko da hoton jaka uku da farashinsu a ajiye.