Yadda na gyara ƙidayar kaya a kantin magani

Mai gida ya ce in ƙirga duk maganin da ke kanti kafin a rufe da dare. Idan ka ɗauki aikin a dunƙule, ciniki zai yi ta katse ka, ka dawo ba ka san inda ka tsaya ba, ka ƙirga kwali ɗaya sau biyu.

Sai na raba shi kanta-kanta, kowace da takardarta. Ba na barin kanta sai na kammala ta, ko da mai saye zai ɗan jira. Ina rubuta abin da na gani da idona, sannan in buɗe littafi in gwada, domin wanda ya fara duba littafi lambar da ya gani zai nema. Idan sun yi daidai, in manna ƴar takarda a bakin kantar.

A kantar farasitamol littafi ya ce kwali 40, na samu 37. Nan take na duba rasit ɗin safe, na ga ashe an sayar da 3 ba a cire ba. Da sai dare na gano, ban san a ina zan fara nema ba.

Duk abin da aka sayar daga kantar da na riga na ƙirga, a gefen takardarta nake rubutawa. Allurai na cikin firij su na bari ƙarshe, bayan isha'i, lokacin da mutane suka ragu.