Yadda ake shirya silaid idan za ka kare binciken hawan jini cikin minti 10

Ɗalibai a Jos suna ta tambayata wannan, to ga yadda nake koya musu.

1. Tabbatar da mintocin da aka ba ka. Idan 10 ne, kada ka wuce silaid 8.

2. Fara da silaid ɗin sakamako, domin shi malamai za su fi tsayawa a kai.

3. Rubuta ma'aunin da ka kira "jini ya daidaita", misali ƙasa da 140/90.
Hattara: nan ake yawan tuntuɓe. In ma'aunin da ke silaid ya saɓa wa na kundinka, tambayoyi za su ƙare a kansa.

4. Nuna yadda aka auna: irin na'urar, sau nawa, da ko mutum ya huta minti 5 kafin awo.

5. Sa adadin mutane kusa da kowane kaso. Kashi 40 cikin 100 na mutum 20, mutum 8 ne kawai, kuma mai jarrabawa zai lissafa.

6. Taƙaita gabatarwa kan cutar a silaid ɗaya. Masu jarrabawar likitoci ne, sun san ta.

7. Gwada da agogo, da babbar murya.

8. Ajiye kwafin PDF a filas, ka kuma buga a takarda saboda ɗaukewar wuta.