Yadda ake rubuta wa malami wasiƙa bayan an faɗi jarrabawar gaban marar lafiya

Ɗaliban likitanci na shekarar ƙarshe a nan Damagaram, in sun ga 8 bisa 20 a allo, yawancinsu a daren suke rubuta wa malami. Kar ka yi haka. Bari kwana biyu su wuce, amma kar a kai mako, don malamin da ya saurari ɗalibai da yawa zai manta da kai.

Kafin wasiƙar, ɗauki takarda ka rubuta abin da ka yi a bakin gado bi da bi: tambayoyin da ka yi, yadda ka duba jiki, cututtukan da ka yi zato, awon da ka nema, maganin da ka faɗa. A waɗannan matakan ne ake faɗuwa. Wanda bai yi wannan ba, sai ya rubuta “Malam, me ya sa na faɗi?” Amsarsa kullum ɗaya ce: je ka ƙara karatu.

A ce yaro mai shekara huɗu ka samu, kilo 14, da zazzaɓi da jijjiga. Ka ce maleriya mai tsanani ce, ka ba da allurar artesunat miligiram 2,4 a kowane kilo, alhali yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi. Ba ka lanƙwasa wuyansa ka nemi alamar sanƙarau ba, ba ka nemi awon sukari ba. To, ka sami abin tambaya. Da Faransanci za ka rubuta, amma ga yadda maganar za ta tafi:

“Malam, bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne ɗalibin da ya gabatar da yaron mai jijjiga ranar Talata, ban ci ba. Ba neman a canza maki nake yi ba. Da na waiwaya, na ga ban duba wuya ba, ban auna sukari ba, na kuma yi kuskure a yawan magani. Ina roƙon ka gaya mini ko waɗannan ne suka kayar da ni, ko akwai abin da ban gani ba a yadda nake gabatarwa. Minti goma sha biyar sun ishe ni, duk lokacin da ka samu, kafin zaman jarrabawa na biyu.”

Ban yarda da uzuri ba. Gadin dare, rashin barci, ko cewa wane ya fi ka samun marar lafiya mai sauƙi, cire su duka. Sunan yaron ma kar ya shiga. Rana da ɗakin jinya sun isa.

Shafi ɗaya, bugagge. Kuɗin bugun bai kai na shayi da burodi ba. Kai wa sakatariya, kar ka tura saƙon murya ta WhatsApp. In mako ya cika shiru, tare malamin bayan ya gama zagayen safe, da kwafin a hannunka da biro.